Naira dubu ashirin a cikin gwangwanin madara

Mu tagwaye ne, don haka ba sai mun gaya muku sunayenmu ba. A Makarfi aka haife mu, a nan muka yi firamare da sakandare, yanzu kuma muna karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Tun muna yara in ɗayanmu ya yi laifi mu biyu ake kira, shi ya sa bakinmu ya saba da cewa "mu". Labarin da za mu ba ku ma laifinmu ne tare, kuma ya faru ne lokacin muna aji shida na sakandare, kamar yadda wasunku suke a yanzu.

Waɗanda suka yi wayo a farkon shekarar 2023 ba za su manta da wahalar takardun kuɗi ba. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, daga baya aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kai tsofaffin kuɗinsu banki, sababbin kuma suka ƙi samuwa. A unguwarmu in ka je wurin mai POS kana son dubu biyar a hannu, sai ka bar masa dubu ɗaya, wani lokaci ma fiye. In ka ce za ka tura ta waya, kuɗin ya fita daga asusunka ya maƙale a hanya.

A cikin wannan hali ne, daren Talata 7 ga Fabrairu, autarmu ta fara jijjiga. Kwana uku tana zazzaɓi, ana ba ta magani a gida. Baba yana Kano, ya bi wani dillali da ya kwashi rakenmu bai biya ba. Muka ɗauke ta da Inna muka nufi asibiti. Bayan an gwada jininta aka ce maleriya ce ta yi tsanani, jininta ya yi ƙasa, sai an ƙara mata. Kawunmu ya ce zai bayar da nasa, amma akwai kuɗin leda da na gwaji, ga allurai da ruwan da za a sayo a kemis. Mai kemis ya ce shi kuɗi hannu yake karɓa, don an tura masa sau biyu a ranar bai ga komai ba. Inna ta kwance bakin zanenta, naira ɗari takwas ce a ciki.

Akwai wani ɗan ajinmu da muke kira Ɗan Hunkuyi, saboda daga can ƙaramar hukumar Kudan ya zo, yana zaune a gidan kawunsa. In an tashi daga makaranta yakan tura baro yana sayar da yankakken rake a bakin tasha. Cinikinsa duk na hamsin-hamsin ne da ɗari-ɗari, waɗanda sauyin kuɗin bai taɓa ba. Wato a lokacin da masu albashi ke kwana a layin banki, shi yana da tsabar kuɗi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare muka buga masa ƙofa. Bai tambaye mu komai ba bayan "nawa ake nema?" Ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin madara, muka zauna a soro da fitilar waya muna ƙirgawa. Dubu ashirin cif, duk ƙananan takardu, wasu har da danƙon rake a jikinsu. Dubu ɗaya da ɗari biyar muka biya mai motar da ya kawo mu, dubu biyu da ɗari biyar gwajin farko, dubu tara allurai da ruwa, dubu bakwai ledar jini da gwajinsa. Ranar Juma'a aka sallami auta tana neman koko.

Ga abin da muka ce masa a daren a soro: "Mun gode, Allah Ya saka da alheri. In sha Allahu ba za mu daɗe ba." Ya ce ba komai. A lokacin mun ɗauka mun yi godiya, mun kuma yi alkawari. Sai daga baya muka gane godiyar ce kawai muka yi. "Ba za mu daɗe ba" ba ta cikin kwanakin mako, ba ta cikin kalanda. Mu a ranmu tana nufin duk ranar da dillali ya biya Baba. Shi kuma a ransa tana nufin kwana uku ko huɗu. Kowa ya tafi da tasa fassarar.

Abin da ya biyo baya shi ne muke jin kunyar faɗa. Mako na farko ya wuce, dillali bai biya ba. Muka fara sauya hanya. Da ma ta bakin tasha muke bi in za mu gida, mu tsaya wurin baronsa ya yanka mana gaɓa ɗaya. Sai muka koma bi ta bayan gari. A aji in ya juyo sai mu duƙufa a kan littafi kamar masu haddar Fiziks. Shi ma ya daina zuwa gidanmu, don kada a ce ya zo tambayar kuɗinsa. Mutumin da ya ceci ƙanwarmu ya zama wanda muke gudu, alhali bai taɓa ce mana uffan ba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma namu har a fuska ya fito.

Ranar Lahadi 19 ga wata Baba ya tambaye mu, yana gyara fartanya a ƙofar gida: "Yaron nan na Hunkuyi, yaushe kuka ce masa za a biya shi?" Muka ce mun gaya masa ba za a daɗe ba. Ya ce, "Na ji. Wace rana ke nan?" Muka yi shiru. Ya sake tambaya: "Kuɗin na mene ne ya tara su? Yaushe yake bukatarsu?" Nan ma shiru. Kwana goma sha biyu kuɗin mutum na wuyanmu, ba mu san abin da ya yi niyyar yi da su ba.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce mu ɗauko Alƙur'ani mu buɗe Suratul Baƙara, aya ta 282. Mun sha karanta ta a islamiyya, mun kuma san ita ce ayar da ta fi kowace tsawo, amma ba mu taɓa tsayawa a kan abin da take magana ba. A kan bashi take magana: a ambaci lokacin biya, a rubuta, wanda ake bi shi zai faɗi abin da za a rubuta, a kafa shaidu, kuma kada a ƙosa da rubutawa ko da abin kaɗan ne. Wurin da ya fi kama mu shi ne cewa wanda ya ci bashin shi ke faɗa da bakinsa. Ashe ba aikin mai kuɗi ba ne ya zo yana tambayar "yaushe?" Mu ya kamata mu riga shi.

To amma faɗin rana ba a yin sa da ka. Mu da farko cewa muka yi a gaya masa Juma'a mai zuwa, 24 ga wata, tunda ranar ce dillali ya ce zai biya. Baba ya ce a'a, ya sa muka zauna muka yi lissafi. Alkawarin dillali ba kuɗi ba ne, ya riga ya saɓa sau biyu. Kuma washegarin ranar, Asabar 25 ga Fabrairu, za a yi zaɓen shugaban ƙasa, hanyoyi za su rufe, kasuwa ba za ta ci yadda ta saba ba. Ko ya biya ma, ta waya zai turo, sai an nemi inda za a mayar da su takarda. Don haka ranar da za a gaya wa mai bin bashi ba ita ce ranar da kake sa ran kuɗi ba. Ranar da kake sa rai ce, ka ƙara mata mako guda. In kuɗin sun zo da wuri ka kai masa kafin lokaci, babu wanda ya taɓa fushi don an biya shi da wuri. Sai Baba ya ƙara wata tambaya: in dillali bai biya ko sisi ba fa, me za a sayar? Muka duba gida: akwai buhun waken soya ɗaya a rumbu, akwai kajin Inna. Wannan shi ne madogara ta biyu, kuma da ita aka samu ƙwarin gwiwar ambaton rana.

Inna ta ce a ɗaure masa damin rake da ƙwaryar mazarƙwaila mu tafi da su. Baba ya hana. Ya ce malaman Malikiyya sun hana wanda ake bi bashi ya yi wa mai binsa kyauta kafin ya biya, sai fa in da ma can sun saba yi wa juna irinta. Dalili kuwa, rance ba a cin riba a kansa, kuma kyautar takan zama toshiyar baki, ta sa mai kuɗi ya ji nauyin tambayar haƙƙinsa. Mu gaskiya a ranmu abin da muke so ke nan, ya ci mazarƙwaila ya ƙara haƙuri. Muka tafi hannu biyu.

Bayan sallar isha'i muka same shi a soron da muka ƙirga kuɗin. Da ya gan mu sai ya fara tambayar jikin auta, kamar ba komai. Muka ce masa, "Abokina, mun zo godiya ne, mun kuma zo neman afuwa. Ka ba mu dubu ashirin daren da babu mai ba mu, da su aka ƙara wa auta jini, mu kuma muka rama maka da ɓuya. Kafin mu faɗi rana, gaya mana gaskiya, yaushe kake bukatar kuɗin nan?"

Ya ce, "Haba, ai ba sauri." Muka ce ba mu yarda ba. Sai da muka matsa sannan ya faɗa. Dubu goma sha biyu cikon kuɗin rajistar jarrabawarsa ce, kuma an ba shi zuwa Juma'a 10 ga Maris ya kawo, in ba haka ba sunansa ba zai shiga ba. Sauran dubu takwas kuwa jarinsa ne. Tun daren da ya ba mu, bashin rake yake ɗauka a wurin masu dami, ya sayar ya biya, abin da ke saura masa bai kai rabin na da ba. Yana faɗa yana dariya, mu kuwa ji muka yi kamar ƙasa ta tsage mu shige. Da mun ci gaba da "ba za mu daɗe ba", da yaron da ya fi mu ƙoƙari a lissafi ya rasa jarrabawar shekara guda saboda ya yi mana alheri.

Wannan amsa tasa ita ta raba mana biyan gida biyu. Da ma mun yi tunanin mu ce rabi da rabi, dubu goma-goma. Amma dubu goma ba za ta yi masa rajista ba. Sai aka tsara kashi na farko daidai da bukatarsa. Aka kira kawunsa da wani maƙwabcinsu, muka yagi takarda daga littafin darasi, muna faɗa ɗayanmu yana rubutawa:

"Mu 'ya'yan gidan wane mun karɓi rancen naira dubu ashirin (₦20,000) tsabar kuɗi daga hannun wane, ranar Talata 7 ga Fabrairu, 2023. Za mu biya dubu goma sha biyu (₦12,000) ranar Juma'a 3 ga Maris, bayan sallar Juma'a, a wannan gida. Za mu biya dubu takwas (₦8,000) ranar Juma'a 17 ga Maris. Za mu biya da takardun kuɗi a hannu kamar yadda muka karɓa. In wani abu ya taso za mu sanar da shi kwana biyu kafin ranar."

Muka sa hannu, shaidu suka sa, aka kwafi ta biyu muka riƙe. Shi sai cewa yake yi, "Wai duk wannan na mene ne, kamar a kotu?" Kawunsa ya ce masa, "Bar su su rubuta, ba don kai kaɗai ba ne. In ɗayanku ya faɗi ya mutu gobe, wa zai san abin da ke tsakaninku?"

Ku lura da maganar takardun kuɗi a hannu, don ba ado ba ce. A wancan lokaci dubu goma sha biyu a waya ba daidai take da dubu goma sha biyu a hannu ba. Da mun tura masa, sai ya je wurin mai POS ya bar fiye da dubu biyu kafin ya karɓa, ke nan ya ba da ashirin an mayar masa da goma sha shida ko sha bakwai. Wahalar cirewa da kuɗin cirewa namu ne, tunda mu muka ci bashi. Ko yanzu da takardun kuɗi suka wadata, in za ku biya wani ta waya ku tambaye shi nawa ya shiga, don akan cire 'yan kuɗin caji, ku cika masa. Haka kuma mun rubuta sunan rana da kwanan wata tare. "Ƙarshen wata" kowa da nasa, mai albashi yana nufin 25, mai haya yana nufin 30. "Kafin azumi" ma ba ta wadatar ba, don a shekarar sai 23 ga Maris aka ɗauki azumi, kusan mako biyu bayan rufe rajistarsa.

Abin mamaki, washegari da safe ta bakin tasha muka bi. Bashin yana nan ko kwabo bai ragu ba, amma kunyar ta tafi, domin yanzu duk wanda ya kalli ɗan uwansa ya san abin da ake jira da ranar da ake jiransa. Ya yanka mana rake, muka biya naira ɗari, ya ƙi karɓa, muka jefa masa a baro muka gudu.

Kada ku ɗauka komai ya tafi daidai. Juma'ar 24 ga wata ta zo ta wuce, dillali ko waya bai ɗauka ba. Sai ranar Laraba 1 ga Maris ya turo wani ɓangare, Baba ya fitar da kuɗin taki da ake binsa, abin da ya rage bayan mai POS ya ci nasa ya tsaya a dubu tara. Saura dubu uku, ga kwana biyu kacal. Nan tsohuwar ɗabi'ar ta motsa. Ɗayanmu ya ce mu yi shiru zuwa Juma'a, wataƙila wani abu ya faɗo. Ɗayan ya ciro takardar ya nuna layin ƙarshe. Da yammacin Larabar muka je muka ce masa, "Ranar Juma'a dubu tara za mu kawo, ba sha biyu ba. Dillali bai cika ba. Sauran dubu uku za mu sayar da kajin Inna mu kawo maka ranar Talata 7 ga wata, kwana uku kafin a rufe rajista. Ya yi maka, ko mu nemo a wani wuri kafin Juma'a?" Ya ɗan yi shiru yana lissafi, sannan ya ce ya yi.

Bambancin faɗa ranar Laraba da faɗa ranar Juma'a babba ne. Ranar Laraba yana da sauran lokacin da zai sake shiri, ya ce bai yarda ba ma in ya ga dama. Ranar Juma'a kuwa, bayan ya zauna yana jiranmu, duk bayanin da za mu yi uzuri ne kawai. Wannan ne ya sa makon da Baba ya sa muka ƙara ya yi mana rana: da 24 ga Fabrairu muka faɗa, da tun biyan farko mun zama maƙaryata.

Ranar Juma'a 3 ga Maris muka kai dubu tara, aka rubuta a bayan takardar, shi ya sa hannu. A ranar ce ma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsofaffin takardun kuɗi za su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, a ƙarar da jihar Kaduna ke cikin waɗanda suka shigar, ko da yake an ɗauki kwanaki kafin mu ga sauƙin a kasuwa. Ranar Talata zakaran Inna da kaza ɗaya suka tafi, dubu uku ta cika, ya yi rajistarsa ranar Laraba. Buhun waken soya kuma shi ya biya dubu takwas ɗin ƙarshe ranar 17 ga Maris, jajiberin zaɓen gwamna. Muka ƙirga masa a gaban kawunsa, ya ƙirga da kansa, aka ja layi a kan takardun biyu aka rubuta "an biya duka". Ya so ya yaga tasa, muka ce ya ajiye. Tamu tana cikin akwatin Inna har yau, tare da katin asibitin auta.

Sai da aka kwana biyu da gama biyan sannan Inna ta ɗaure mazarƙwailarta, ta ce wannan karon ko Baba ba shi da ta cewa. Ta sa auta a gaba muka tafi. Auta ta durƙusa ta gaida kawunsa, sannan ta juya ta ce wa abokinmu, "Yaya, an ce kuɗin rakenka aka sa mini a jiki." Ya ce mata shi ya sa ta ƙara zaƙin baki.

Yanzu yana karatu a Kaduna, mu muna Samaru. A zangon karatun da ya wuce wayarsa ta faɗa ruwa ana saura mako guda jarrabawa, ya kira mu da wayar wani yana neman dubu goma sha biyar. Kafin mu ce komai sai ya ce, "Asabar 14 ga wata, da la'asar. In ta gagara zan kira ku ranar Alhamis." Muka tura masa, muka ce ya duba nawa ya shiga.